Yadda ake gano lamba a jerin da aka juya

Wasu na'urori suna rubuta lokacin da kowane abu ya faru a cikin ma'ajiya mai ƙayyadaddun gurabe. Idan gurabe suka ƙare, sai na'ura ta koma farko tana rubuta sabo a kan tsoho. Abin da ke fitowa jeri ne mai tsari daga ƙarami zuwa babba, amma ya karye a wani wuri da ba a sani ba, kamar haka:

```
40 55 62 70 8 15 23 31 36
```

A jerin da bai karye ba, dabarar da aka saba ita ce a duba lambar tsakiya, a watsar da rabin da abin nema ba zai kasance ba, a maimaita. Da haka jeri mai lamba miliyan ɗaya ba ya wuce dubawa 20. Amma a nan dabarar za ta ɓata. Mai neman 70 zai tarar da 8 a tsakiya, ya ce 70 ta fi ta, ya nufi dama, alhali tana hagu.

Mafita tana cikin karayar kanta: guda ɗaya ce tak. Duk inda aka raba jerin, dole rabi ɗaya ya kasance lafiyayye. Ana gane shi ta hanyar gwada lambar farko da ta tsakiya. Idan ta farko ba ta fi ta tsakiya ba, hagu ne lafiyayye, in kuwa ta fi ta, dama ne. Daga nan sai a duba ko abin nema ya faɗa tsakanin iyakokin wannan rabin.

Mu nemi 70. Tunda 40 ta fi 8, dama ne lafiyayye, daga 8 zuwa 36, kuma 70 ba ta cikinsa. Sai a watsar da shi, saura 40 55 62 70. Tsakiya yanzu 55 ce. Hagu lafiyayye ne, amma iyakarsa 55, don haka shi ma a bar shi. Saura 62 da 70. A duba 62, a wuce ta, sai ga 70 a dubawa ta huɗu.

Inda masu rubuta manhaja suka fi tuntuɓe shi ne sa `<` a wurin `<=`. Idan lamba biyu suka rage, ta farko ita ce kuma ta tsakiya. Da `<`, manhajar za ta ɗauka dama ne lafiyayye. A gwada ta da neman 3 a cikin `9 3`: idan ta ce babu, kuskuren ke nan.

Dabarar tana da iyaka idan lambobi suna maimaituwa. A `5 2 5 5 5` da `5 5 5 2 5`, farko da tsakiya da ƙarshe duk 5 ne, ba abin da zai nuna ɓangaren da 2 take. Sai dai a riƙa cire lamba ɗaya daga kowane gefe, wanda kan iya kaiwa ga duba kusan dukan jerin.