Wa'adin Amsawa da Wa'adin Warwarewa: Yadda Ake Ƙirga Lokacin Koken Kwastoma

Kamfanin da ke karɓar koke-koken kwastomomi, ko na intanet ne ko mai rarraba na'urar cirar kuɗi ga 'yan kasuwa, yakan mayar da kowane koke ya zama tikiti a cikin manhajar bibiyar ayyuka. Tikitin yana ɗauke da lamba, da sunan ma'aikacin da aka ɗora wa aikin, da matsayin da aikin yake ciki. A kan kowane tikiti akwai alƙawari biyu na lokaci. Na farko wa'adin amsawa ne, wato tsawon lokacin da zai wuce kafin ɗan Adam ya tanka wa mai koken. Na biyu wa'adin warwarewa ne, wato lokacin da za a ɗauka kafin a magance matsalar. Alƙawuran nan sukan fito ne daga yarjejeniyar da aka ƙulla da kwastoma, wadda a allon manhajoji ake taƙaita ta da SLA.

An raba wa'adin gida biyu ne domin kowanne da abin da yake aunawa. Jinkirin amsawa yakan nuna ƙarancin masu duba sababbin tikitoci, ko rashin tsarin raba su. Jinkirin warwarewa kuwa yakan nuna wahalar matsalar, ko cewa aikin ya maƙale a hannun wani sashe.

Yawancin manhajojin bibiyar ayyuka an gina su ne a kan ranar kammalawa guda ɗaya ga kowane aiki, kuma wannan bai isa ba. Ranar kammalawa ba ta san cewa ofis ya tashi ba, ba ta kuma san cewa kwastoma ake jira ba. Abin da ake buƙata agogo biyu ne ga kowane tikiti, kuma dole a faɗa wa kowanne lokacin da zai tashi, da lokacin da zai dakata, da lokacin da zai tsaya. A manhajar Jira Service Management ta kamfanin Atlassian, agogunan biyu suna zuwa da sunayen "Time to first response" da "Time to resolution". Dukansu sukan tashi da zarar an buɗe tikiti. Na farko yana tsayawa idan ma'aikaci ya rubuta saƙon da kwastoma zai gani, ban da bayanin cikin gida da ma'aikata ke rubuta wa junansu. Na biyu akan saita shi ya dakata idan tikiti ya koma matsayin "Waiting for customer", ya tsaya idan an rubuta cewa an warware.

Kalandar aiki ita ce ke sauya lissafin gaba ɗaya. A ɗauka wani kamfani yana aiki Litinin zuwa Juma'a, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, ya kuma yi alƙawarin amsawa cikin awa 2 da warwarewa cikin awa 16, duka a lokutan aiki. Wani mai shago ya kai koke ranar Alhamis da ƙarfe 4 na yamma cewa na'urarsa ta daina fitar da rasit. Agogo ya ci awa 1 kafin a tashi aiki, ya kwana a tsaye, ya ci gaba ranar Juma'a da ƙarfe 8. Ke nan wa'adin amsawa zai cika ƙarfe 9 na safiyar Juma'a. Ma'aikaciya ta amsa da ƙarfe 8:30, saboda haka agogon farko ya tsaya a kan awa 1 da rabi, an cika alƙawari.

Agogo na biyu bai tsaya ba. Da ƙarfe 11 ta nemi mai shagon ya turo hoton abin da na'urar ke nunawa, ta mayar da tikitin matsayin jiran kwastoma. A lokacin an ci awa 4, saura 12. Hoton bai iso ba sai ranar Litinin da ƙarfe 2 na rana, kuma daga nan agogo ya sake tashi. Awa 3 na sauran Litinin da awa 9 na Talata sun cike 12 ɗin, ke nan sabon ƙarshen wa'adi shi ne ƙarfe 5 na yammacin Talata. An gyara na'urar ranar Talata da ƙarfe 12 na rana. A rahoton kamfani, aikin ya ɗauki awa 11 cikin 16. A wurin mai shago kuwa, daga yammacin Alhamis zuwa tsakar ranar Talata awa 116 ne. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa da kalandarsa, shi ya sa ya kamata yarjejeniya ta fayyace da wacce ake ƙirgawa. Ranakun hutu ma sai an shigar da su da hannu, kuma hutun Sallah, da yake ya dogara da ganin wata, ba a iya tabbatar da shi tun farkon shekara. Idan aka manta ba a saka shi ba, ma'aikata za su dawo su tarar da tikitoci sun yi ja alhali ofis a rufe yake.

Ba a kan ba dukan tikitoci wa'adi iri ɗaya ba. Akan duba yawan mutanen da matsalar ta shafa da kuma gaggawarta, sai a sa wa tikiti mataki. Ɗaukewar sabis ga gari guda na iya samun agogon da ba ya kwana, dare da rana, yayin da neman sauya adireshi zai bi kalandar ofis.

Amfanin agogon a aikin yau da kullum shi ne gano tikiti kafin wa'adinsa ya wuce. A manhajar da aka ambata, wannan tambaya tana fito da tikitocin da lokacin da ya rage musu bai kai awa 2 ba:

```
"Time to resolution" < remaining("2h")
```

Da ita ake gina jerin da ma'aikata za su fara dubawa, maimakon su bi tikitoci bisa wanda ya riga shigowa. Inda manhajar ba ta da agogo nata, akan ƙara guraben da za su riƙe lokacin buɗewa, da na amsar farko, da jimillar lokacin jira, sai a sa ƙa'ida mai aiki da kanta ta cike su duk sa'ad da matsayin tikiti ya sauya. Cikewa da hannu ba ta cika yin nisa ba, domin ranar da aiki ya yi yawa ita ce ranar da ake mantawa.

Alƙaluman suna iya yin kyau alhali hidimar ta lalace, kuma kowace irin wannan ɓarna tana barin sawu. Idan saƙon nan na "mun karɓi kokenka" da na'ura ke turawa shi ke tsayar da agogon farko, za a ga kusan kowane tikiti an amsa shi cikin daƙiƙoƙi. Idan ma'aikata suna jefa wa kwastoma tambayar da ba ta da amfani don agogo ya dakata, tarihin tikitoci zai nuna suna komawa matsayin jira dab da cikar wa'adi. Idan kuma ana rufe tikiti ba a gama gyara ba, yawan waɗanda ake sake buɗewa zai hau. Wannan na ƙarshe yana buƙatar hukunci tun wajen saitawa: tikitin da aka sake buɗewa, agogonsa zai ɗora ne daga inda ya tsaya, ko zai fara sabon zagaye? Fara sabon zagaye yana ba wanda ya yi gaggawar rufewa cikakken wa'adi a karo na biyu.

Matsakaicin lokaci ma yana ɓoye abu. Tikiti 9 da aka warware cikin awa 2 kowanne, da guda 1 da ya ɗauki awa 62, matsakaicinsu awa 8 ne, rabin wa'adin awa 16, duk da cewa mutum ɗaya ya jira kusan ranakun aiki 7. Saboda haka rahoto mai amfani yakan nuna kaso nawa cikin ɗari na tikitoci suka cika wa'adi a kowane mataki, sannan ya jera waɗanda suka saɓa ɗaya bayan ɗaya, tare da matsayin da kowanne ya fi daɗewa a ciki.