Gwal Ba Ya Cin Dusa, Amma Ajiyarsa Tana Cin Riba

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutane, daga masu shagon gwal har matan da ke mayar da kuɗin adashinsu sarƙa da awarwaro: wai gwal dukiya ce da ba ta ci, ba ta sha, ka saya ka jefa a akwati, bayan shekara goma ka ɗauko ribarka cif. Rabin maganar gaskiya ne. Gwal ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, giram ɗari na bana shi ne giram ɗari na baɗi. Wanda ya sayi sa zai yi ta sayen dusa, wanda ya sayi gwal an ɗauke masa wannan. Sai dai gwal ba ya haihuwa, kuma ba ya kawo kuɗin haya ko rabon riba a ƙarshen shekara. Saboda haka duk sisin da aka kashe wajen tsaronsa, daga aljihun mai shi zai fito ko daga jikin gwal ɗin. A nan ne ɗaya rabin maganar ya karye.

Jita-jitar da ta fi yi wa mutane ɓarna ita ce cewa kuɗin ajiya ɗan kaɗan ne, bai kai a tsaya lissafinsa ba. Kamfanonin da ke ajiye wa mutane gwal a rumbunansu na Landan, Zurik ko Singafo yawanci suna yanka kuɗinsu ne a kan darajar gwal ɗin kowace shekara, daga wajen kashi 0.1 cikin 100 zuwa kashi 1 cikin 100, wasu ma su haura. Kashi 1 cikin 100 ba ya tsorata kunne. To, bari mu lissafa shi da giram, tunda giram ba ya ruɗin mutum kamar yadda naira take yi.

A ɗauka mutum yana da giram 100, kuma duk shekara yana sayar da ɗan abin da zai biya kuɗin ajiya da inshora. Idan kuɗin kashi 1 cikin 100 ne, shekarar farko giram 1 ya tafi. Bayan shekara 10 abin da ya rage masa giram 90 ne da ɗan ɗoriya. Idan kuɗin kashi 0.4 ne, zai tashi da giram 96. Idan kashi 0.12 ne, zai tashi da kusan giram 99. Gwal iri ɗaya, shekaru iri ɗaya, farashin kasuwa iri ɗaya, amma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai giram 8 da wani abu, wato ƙaramar sarƙa sukutum. Ko da mutum ya ce shi daga albashinsa yake biya ba ya taɓa gwal ɗin, lissafin bai canza ba, aljihun da ya yi ciwo ne kawai ya canza.

Wannan ba lissafin allo ba ne kawai. Asusun nan na SPDR Gold Shares, wanda aka buɗe a Amurka a Nuwamban 2004, sandunan gwal na gaske yake riƙewa a rumbu, kuma yana cajin kashi 0.4 cikin 100 a shekara, yana sayar da ɗan gwal don biyan kansa. Ranar da aka fara, kowane hannun jari ɗaya yana tsaye ne a kan kashi ɗaya cikin goma na oza (oza ɗaya ta gwal giram 31.1 ce). Bayan shekara ashirin, kusan kashi 8 cikin 100 na gwal ɗin da ke bayan kowane hannun jari ya tafi a kuɗin riƙo. Ba wanda ya sace, ba wanda ya yi ha'inci, a rubuce yake a takardunsu tun farko.

Masu kare jita-jitar sukan ce ai tashin farashi zai shanye wannan duka. Wani lokaci yakan shanye, wani lokaci kuma jiran yakan yi tsawon da ba a zata ba. A Janairun 1980 oza ta kai dala 850. Daga nan ta gangaro, har ta faɗi ƙasa da dala 260 a 1999, kuma ba ta sake ganin 850 ba sai Janairun 2008. Shekara 28 ke nan. Wanda ya saya a wancan ƙololuwa yana biyan kashi 1 cikin 100 duk shekara, ranar da farashi ya dawo inda ya saya, kusan rubu'in gwal ɗinsa ya riga ya tafi. Jarida za ta ce farashi ya dawo, shi kuwa uwar kuɗinsa ba ta dawo ba. Irin wannan jira ya sake faruwa a gajarce: farashi ya kai wajen dala 1,900 a 2011, ya faɗo kusa da 1,050 a ƙarshen 2015, bai koma ba sai 2020.

Haka nan masu cewa faɗuwar naira tana rufe kuɗin ajiya, su ma sun yi kuskure. Tunda a kan darajar gwal ake yanka kuɗin, in darajar ta ninka a naira, kuɗin ajiyar ma ya ninka. Hanyar da ta dace a duba abin ita ce a auna shi da ribar, a bar auna shi da uwar kuɗi. Idan gwal ya tashi da kashi 6 cikin 100 a shekara, ajiya da inshora suka ci kashi 1.5, to rubu'in ribar ce ta tafi. Idan ya tashi da kashi 2 kacal, kashi uku cikin huɗu na ribar ya tafi. Shekarar da ya faɗi kuwa, mai rumbu ba ya yafe kuɗinsa.

Abin da ya fi damuna a wannan harka shi ne mai ƙaramin ƙarfi ya fi shan nauyin. Kamfanin BullionVault na Birtaniya, wanda ke cikin masu rangwame, ya daɗe yana cajin kashi 0.12 cikin 100 a shekara har da inshora, amma da sharaɗin ba za a biya ƙasa da dala 4 a wata ba, wato dala 48 a shekara. Mai gwal na dala 40,000 shi ne ke biyan kashi 0.12 ɗin da aka tallata. Mai na dala 1,000 kuwa kashi 4.8 cikin 100 yake biya, ninki arba'in. Haka hayar akwatin banki take: kuɗin akwati ɗaya ne, ko ka zuba giram 20 ko ka zuba kilo guda. Don haka adadin da ke jikin talla ba naka ba ne sai ka raba kuɗin shekara da darajar abin da ka ajiye.

Sai maganar akwatin bankin kanta, inda ake cewa duk abin da ya shiga banki yana da inshora. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Inshorar da hukumar NDIC ke bayarwa a Nijeriya ta kuɗin da ke cikin asusu ce, kuma hukumar FDIC ta Amurka ta faɗa ƙarara cewa ba ta rufe abin da ke cikin akwatin haya. Banki wuri ya ba ka haya, sau da yawa ma bai san abin da ka sa a ciki ba, balle ya ɗauki alhakinsa. A Afrilun 2015, lokacin hutun Ista, ɓarayi suka huda katangar kankare ta wani rumbun ajiya a unguwar Hatton Garden, cibiyar masu gwal da lu'ulu'u a Landan, suka fasa akwati 73, suka kwashe kaya na kimanin fam miliyan 14. Wasu daga cikin masu akwatunan ba su da inshora, don sun ɗauka kuɗin hayar da suke biya ya wadatar, kamfanin kuma ya durƙushe cikin shekarar. Mai hayar akwati kuɗi biyu ke kansa, na haya da na inshora, kuma dole ya haɗa su kafin ya san abin da riƙon ke ci.

Wanda ya yi inshorar ma, ko ta kamfanin da aka saba ko ta takaful, akwai ramin da ke jiransa. Inshorar kayan gida yawanci tana sa iyaka a kan kayan ado masu tsada, wasu kuma ba sa karɓar sandar gwal sam sai an rubuta ta daban, a kawo rasiɗi, a nuna irin sef ɗin da ake ajiya. Sannan a takardu da yawa akwai sharaɗin biya daidai gwargwado. Misali, mace ta yi wa gwal ɗinta inshorar naira miliyan 10, farashi ya tashi ya koma na miliyan 20, ba ta sabunta ba. Aka sace rabinsa, asarar miliyan 10. Kamfani zai ce rabin darajar ta rufe, don haka rabin asarar zai biya: miliyan 5. In tana so ta kauce wa wannan, sai ta riƙa kimanta gwal ɗin tana ƙara kuɗin inshora duk sanda farashi ya motsa.

Masu cewa ajiya a gida kyauta ce, gaskiyarsu ta fuskar cewa ba wanda zai aiko da takardar biya. Amma haɗarin bai gushe ba, mai gida ne ya zama kamfanin inshorar kansa. Idan a misali damar a sace kayan a cikin shekara ɗaya ce cikin ɗari, to daidai yake da biyan kashi 1 cikin 100, sai dai shi wannan ba a biyansa kaɗan-kaɗan, rana ɗaya ake biya gaba ɗaya. Kuma gwal ɗin da aka sace narkewa yake yi, ba ya barin shaida. Ga mai ɗan kaɗan na kwalliya, gida na iya fin hayar akwati arha, ban musa ba. Ga mai tarin da 'yan aiki da 'yan biki suka gani, lissafin daban ne, don abin da ke cikin haɗari ya wuce dukiya.

Akwai kuma kamfanonin da ke tallar ajiya kyauta, kuma da gaske ba sa karɓar komai. Dalilin shi ne gwal ɗin ba a ware shi da sunanka ba. Babu sanda mai lamba da za a nuna a ce taka ce, alkawari ne kawai kamfanin ya yi cewa kana binsa giram kaza. In ya karye, kana cikin layin masu bin bashi. Gwal da aka ware da lambarsa da nauyinsa mallakarka ne ko kamfani ya rushe, shi ya sa ake biya masa kuɗi.

Zakka ba ta cikin wannan lissafi, domin ibada ce kuma haƙƙin talaka ne. Amma wanda gwal ɗinsa na ajiya ya kai nisabi, wajen giram 85, ya tanadi kashi 2.5 cikin 100 duk shekara tun da wuri, don kada ranar fitarwa ta tilasta masa sayarwa a farashin da mai shago ya ga dama.

Duk wannan bai mai da gwal ya zama asara ba, kuma masu yaɗa haka su ma sun wuce gona da iri. Ya tsare wa iyalai da dama ƙarfin kuɗinsu a shekarun da naira ta zube. Mai karatu, kafin ka miƙa giram ɗaya ga wani, ka sa ya rubuta maka jimlar abin da za ka biya a shekara har da mafi ƙarancin caji, da sunan kamfanin inshorar da iyakar abin da zai biya, da lambar sandar da ke ɗauke da sunanka. Wanda ya ƙi rubutawa, ka ɗauki gwal ɗinka ka fita.