Wanke Inji Kafin Sauya Baƙin Mai: Gyara ne Ko Ɓarna?

A shagunan baƙin mai na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, da wuya mutum ya sayi galan ɗin mai sintetik ba a tura masa wani ɗan gwangwani a gefensa ba. Mai shago zai ce tunda za a bar tsohon mai a koma sabo, dole a fara wanke injin, in ba haka ba man biyu za su yi faɗa a ciki. Gwangwanin shi ne abin da kanikawa ke kira fulashin. Ana zuba shi a kan tsohon man da injin ke ɗauke da shi bayan ya yi zafi, a bar motar a silo na minti 10 zuwa 15, sannan a juye komai, a sa sabuwar filta da sabon mai.

Maganar faɗan mai ba ta da tushe. Man minaral da na sintetik suna gauraya lafiya lau, kuma man da ake sayarwa da sunan rabin sintetik ba komai ba ne illa haɗin su biyun. Ko a juye na yau da kullum ma, wajen rabin lita na tsohon mai kan maƙale a lungunan inji ya haɗu da sabo, ba a taɓa jin ya kashe mota ba. Tsoron ya samo asali ne tun shekarun 1970, lokacin da man sintetik ya fara shiga kasuwa, wasu nau'o'insa na farko ba su jitu da robobin da ke tare mai a injinan wancan zamani ba. An daɗe da magance wannan, amma labarin ya ƙi mutuwa. Saboda haka sauya nau'in mai shi kaɗai ba dalili ba ne na yin fulashin. Kamfanin General Motors ya rubuta wa dillalansa cewa bai amince da wanke cikin inji da irin waɗannan magunguna ba, Honda ma ba ta ba da shawarar yin hakan.

Abin tambaya na gaskiya shi ne halin da cikin injin yake. Nan ne maganar take da daɗi, nan ne kuma ake asarar kuɗi.

Baƙin mai idan ya daɗe yana shan zafi, ya haɗu da hayaƙin da ke sulalewa ta gefen fistin, da ɗan ruwa da ɗanyen fetur, sai ya fara kauri. Da farko yakan bar wani shafi mai ruwan zuma a jikin ƙarafa, wanda ba ya cutar da komai. In aka ci gaba da jinkirta juye sai ya zama baƙar laka mai danƙo, daga baya ta bushe ta yi ɓawo kamar ƙanzon tukunya. Gajerun tafiye-tafiye a cikin gari suna hanzarta wannan, haka ma jabun mai. Akwai kuma al'adar nan ta cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasa, wai don kada ta yi zafi. Injin da ba ya saurin kaiwa zafinsa na aiki ba ya ƙone ruwan da ke taruwa a cikin mai, ruwan kuwa shi ne abokin laka.

Motocin da suka yi suna da wannan ciwo suna nan birjik a titunanmu. Injin Toyota mai silinda shida, 1MZ-FE, da ke cikin Sienna da Camry da Avalon da Lexus RX300 na tsakanin 1997 da 2002, ya tara ƙorafe-ƙorafe a Amurka kan taruwar laka, tare da ɗan'uwansa mai silinda huɗu, 5S-FE. A 2002 kamfanin ya tsawaita garantin wannan matsala zuwa shekara takwas, a 2007 kuma aka sasanta wata ƙara ta haɗin gwiwa da ta shafi motoci kusan miliyan uku da rabi. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci ne suka ƙare a hannun direbobin haya da magidanta a nan, bayan sun sha tafiya a can.

A ɗauki misalin Sienna ƙirar 2001 da ta haura kilomita 300,000, wadda tun shigowarta 20W-50 take sha, ba kuma kullum ake juye a kan lokaci ba. Mai ita ya ji cewa 5W-30 ne kamfanin ya rubuta mata, yana so ya koma kansa. Injin yana cin kusan lita 4.7 idan an haɗa da filta. Bakanike ya ɗauko gwangwanin fulashin. Me zai faru a cikin minti goma sha biyar ɗin nan?

Yawancin waɗannan magunguna haɗi ne na abu mai narkarwa, dangin kananzir, da sinadaran wanki. Abu na farko da suke yi shi ne tsinka man, shi ya sa takardar jikinsu ke hana tuƙi ko taka totur. Na biyu, suna jiƙa lakar. Mai laushin ciki takan narke ta bi mai ta fita, wannan shi ne amfanin da ake nema. Amma busasshen ɓawo ba ya narkewa a kwata ɗaya na awa. Saiwarsa kawai ake sassautawa, sai ya riƙa ɓallewa gutsure-gutsure, wani a ranar, wani bayan mako guda a kan hanyar Zariya.

Gutsattsarin nan ƙasa suke gangarawa, cikin kwanon mai. A can akwai bututun da famfo ke zuƙo mai da shi, bakinsa rufe da rariya ta waya. Mutane da yawa suna ɗauka filta za ta kama dattin, alhali rariyar ce a gaba: mai sai ya ratsa ta, ya shiga famfo, sannan ya isa filta. Idan ɓawo ya lulluɓe rariyar, famfon ya rasa abin zuƙa, metal ɗin da ƙarfen juyawa ke kwance a kansu su bushe. Alamar farko ita ce jar fitilar mai ta riƙa ƙyaftawa a silo bayan injin ya yi zafi, ko a ji ƙas-ƙas daga saman inji. Fitilar nan ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa ƙwarai, don haka wanda ya gan ta ya ce bari ya lallaɓa gida, sau da yawa inji bugagge yake kaiwa. Sienna ta wannan shekara tana da VVT-i kuma, mai aiki da ƙarfin mai ta wasu siraran hanyoyi masu 'yan ƙananan rariyoyi, waɗanda ɗan datti kaɗan ke toshewa.

Sai yoyo. A tsohon inji robobin tare mai sun bushe sun tsattsage, wani lokaci lakar ce ta liƙe tsagar. An wanke ta, mai ya sami hanya. Fulashin bai yaga robar ba, ya dai tona asirinta, amma ga mai motar da ya wayi gari ya ga ɗigo a tsakar gida duk ɗaya ne.

Abin da ya kamata bakaniken ya fara yi bai kai kuɗin gwangwanin wahala ba: ya duba. Leƙawa ta murfin zuba mai ba ta isa a wannan inji ba, domin akwai farantin ƙarfe a ƙarƙashinsa da ke tare ido. Murfin saman inji na gaba shi ne mai sauƙin cirewa. Idan aka buɗe aka ga ƙarafa da launin zuma, babu abin wankewa, a zuba sabon mai a tafi. Idan aka ga laka mai laushi nan da can, sabon man da kansa yana ɗauke da sinadaran wanki, kuma a hankali yake aikinsa, yana riƙe dattin a narke har ranar juye. Sai a gajarta juyen, a yi shi bayan kilomita 1,500 tare da sabuwar filta, sau biyu ko uku, kafin a koma yadda aka saba. Man zai yi saurin baƙi, wannan alama ce ta yana aiki. Idan kuwa aka tarar da ɓawo har ana kankara da sukurdireba, to gwangwani ya koma kan kanta. Aikin hannu ne ya rage: a kankare saman a tsanake ba tare da an bar datti ya faɗa ramukan da mai ke komawa ƙasa ba, a sauke kwanon mai, a wanke shi da rariyar, a sauya ɗan bawul ɗin PCV da ke fitar da hayaƙin cikin inji, wanda toshewarsa na cikin abubuwan da ke haifar da lakar tun farko.

Akwai wani rikicin da ake ɗora wa fulashin ko man sintetik alhali ba laifinsu ba ne. Daga 20W-50 zuwa 5W-30 ba nau'i kaɗai aka sauya ba, har da kauri. Injin da metal da ringinsa suka ci, mai kauri ne ke cike giɓin. Aka ba shi mara kauri, ƙarfin mai ya ragu, shan mai ya ƙaru, salansa ta fara shuɗin hayaƙi. Wanda ya yi fulashin da sauyin kauri a rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya jawo masa ba. Gwada ƙarfin mai da geji na hannu, injin yana da zafi, kafin sauyi da bayansa, shi ke raba gardama. In ya faɗi sosai, 10W-40 matsakaici ne da tsofaffin injina da yawa ke zama lafiya da shi a zafin ƙasar nan.

Ba a ce fulashin ba shi da rana ba. Bayan an gyara gaskit ɗin kai da ya ƙone, ruwan lagireto ya gauraye da mai ya zama kamar kunun gyaɗa, wanke cikin yana da ma'ana, ko da yake mai arha da aka zuba aka juye bayan ɗan lokaci ma yana yin aikin. Injin da ke da tsabta amma ringin mai ya fara maƙalewa da datti, wani lokaci yakan ɗan sami sauƙi. Ringin da ya cinye kuwa, babu ruwan da ke mayar masa da ƙarfen da ya tafi. Dizal ko kananzir zalla da wasu ke ɗurawa a inji su tayar ya fi gwangwanin haɗari, don babu abin da ke kare metal a cikinsu. Masu babur da adaidaita sahu su ma su yi hattara: a yawancinsu kulocin cikin man injin yake wanka, maganin da aka yi don mota na iya sa shi santsi.

Wanda ya duba injinsa ya ga lakar kaɗan ce kuma ya nace sai ya yi, ya tsaya a kan mintunan da aka rubuta a jikin gwangwanin, motar a tsaye, idonsa a kan fitilar mai, ya juye da zafinsa, ya sa filta mai kyau, ya kuma yi juye na gaba da wuri domin ragowar maganin ta fita. Mai Siennar da aka buɗe murfinta aka ga ƙanzo kuwa, kuɗin gwangwanin ya ƙara a kan na sauke kwanon mai.