Wasiƙar da Ke Gaban Bidiyon Talla: Take, Bayani da Alamomin Maudu'i

Idan kamfani ya biya mai shirya bidiyo don ya tallata masa haja a YouTube, yawanci hankalin kowa yana kan hoto da murya. Amma rigimar da ta fi yawa ba a nan take tasowa ba. Tana tasowa ne a kan 'yan kalmomin da ke kewaye da bidiyon: taken da mai kallo zai fara gani, bayanin da ke ƙasa, da alamomin maudu'i, wato kalmomin nan da ake sa wa # a gaba. Shi ya sa wanda ya san aikin ba ya sakin bidiyo sai ya aika wa kamfanin imel guda da ya jera waɗannan ukun, ya kuma sami amincewa a rubuce.

Mu ɗauki misalin wata mai koyar da girki a Kano. Wani kamfani mai sayar da injin markaɗe ya ɗauki nauyin bidiyonta na ƙullin waina. Ta gama ɗauka, ta ɗora shi a matsayin Unlisted, yadda sai wanda aka ba adireshin ne zai iya kallo. Sannan ta rubuta wa manajan tallan kamfanin:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ga adireshin bidiyon don dubawa. A ƙasa na kawo take biyu, cikakken bayani, da alamomin maudu'i uku. Ina so in sake shi ranar Juma'a da ƙarfe takwas na dare, don haka ina roƙon gyara ko amincewarku kafin yammacin Laraba. Kamar yadda muka yi alkawari, gyara zagaye ɗaya ne."

Gajeriyar magana ce, amma ta rufe ƙofofi biyu da gardama ke shigowa ta cikinsu: ta sa wa'adi, ta kuma iyakance gyara. Wanda bai yi haka ba zai wayi gari ana ta cewa a sauya wannan a sauya wancan har ranar saki ta wuce.

Take shi ne wurin da son kamfani da buƙatar mai kallo suka fi cin karo. YouTube ya ba da damar haruffa 100, amma a fuskar waya dogon take yankewa yake yi, ƙarshensa ya ɓace. Kamfani kuwa kusan kullum so yake sunansa ya zo a farko. Ita sai ta ba da shawarar wannan: "Yadda ake markaɗa ƙullin waina mai laushi a gida". Haruffa 48 ne, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. A ƙarƙashinsa ta rubuta dalilinta a layi biyu: uwargida da ke neman girki "waina" take rubutawa a wurin bincike, ba sunan inji ba, kuma taken da ya yi kama da talla mutane tsallake shi suke yi. Take na biyu ya ƙara sunan injin, amma a ƙarshe. Da haka ta bai wa kamfanin zaɓi tsakanin abu biyu da duk ta yarda da su, maimakon ta bar musu fili su rubuta abin da bai dace da masu kallonta ba.

Akwai kuma abin da ta ƙi sa wa a take: cewa injin yana markaɗa komai cikin minti ɗaya. Ita da ta gwada, shinkafar da ta kwana a jiƙe ta ɗauki fiye da haka. Taken da ya yi alkawarin abin da bidiyo bai nuna ba, mai kallo zai danna ya fita da wuri, gobe kuma ba zai yarda da ita ba.

Bayanin ƙasan bidiyo yana ɗaukar haruffa har 5,000, amma layukan farko kawai ake gani kafin a danna don buɗe sauran. Saboda haka tsarin jerawa ya fi yawan rubutu muhimmanci. A imel ɗin ba ta ce "zan sa adireshinku" kawai ba, ta kawo bayanin kalma da kalma yadda zai fito:

```
TALLA: Kamfanin [suna] ne ya ɗauki nauyin wannan bidiyo.
Sayi injin: https://example.com/inji?utm_source=youtube
Lambar rangwame: WAINA10

00:00 Jiƙa shinkafa
01:40 Markaɗe
04:15 Suya

#waina #masa #girki
```

Kowane layi da aikinsa. Wutsiyar nan ta utm_source ita ke nuna wa kamfani cewa mai saye daga YouTube ya zo, ita kuma lambar rangwame tana ƙirga waɗanda suka saya ta dalilin mai girkin. Kuskuren harafi ɗaya a cikinsu ya isa a yi ciniki ba a san ita ta kawo shi ba, don haka ta roƙi kamfanin su danna adireshin, su gwada lambar, su kuma faɗa mata ranar da rangwamen zai ƙare. Jerin lokutan kuwa ba zai raba bidiyon babi-babi ba sai ya fara da 00:00, ya kai aƙalla uku, kowanne bai gaza daƙiƙa 10 ba. In da gajeren bidiyo ne na Shorts, sai ta gargaɗe su tun da wuri cewa tun 2023 adireshin da aka sa a bayaninsa ba ya dannuwa.

Layin farko, mai cewa talla ce, shi ne wanda ba a cinikinsa. Wasu kamfanoni sukan so a tura shi can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ta rubuta musu ƙarara cewa zai zauna a sama, za ta faɗa da bakinta a farkon bidiyo, kuma za ta danna akwatin paid promotion da YouTube ya wajabta, wanda ke sa sanarwa ta bayyana wa mai kallo. A Najeriya ma hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, tana buƙatar a tantance talla kafin ta fita. Ya dace imel ɗin ya tambaya: wa zai nemo wannan izini, wa kuma zai biya kuɗinsa?

Alamomin maudu'i ba sa son yawa. Uku ne kacal YouTube ke ɗagowa kusa da take, kuma idan suka haura 60 duka yake watsar da su. Ba a sa tazara a cikinsu. Ta zaɓi #waina da #masa saboda abinci ɗaya ne mai suna biyu, kowane yanki da wanda ya saba. Ta kuma kauce wa haruffa masu lanƙwasa a nan, domin mafi yawan masu bincike a waya ba sa rubuta su. Idan kamfanin yana da alamar kamfen ɗinsa, sai ta maye gurbin ta ukun. Abin da ba za ta yi ba shi ne ɗauko maudu'in da ake yayi wanda ba ruwansa da girki, domin ƙa'idar YouTube ta hana, har ana iya cire bidiyo a kan haka.

Idan amsa ta zo da kalmar "mun amince", sai ta adana ta. Ranar da wani a kamfanin zai ce ba haka aka yi ba, wannan imel ne shaidarta. Saboda haka, kai mai shirya bidiyo, kada ka dogara da yarjejeniyar baka ta waya. Rubuta take, bayani da alamomin yadda za su fito, ka sa wa'adi, ka karɓi amincewa a rubuce, sannan ka saki aikinka.