Wai Wannan Matar Wace Ce?

Mutum bakwai muka tara a wani falo a Kano, muka kunna musu gajeren fim na minti 24 da ba a gama tacewa ba. Babu kiɗa, ba a daidaita launi ba, wani wurin ma ƙarar janareta ta danne maganar 'yan wasa. Cikinsu babu wanda ya san labarin, kuma da gangan ba mu gayyaci dangi ba, don ɗan'uwa "ma sha Allah" kawai zai ce maka ya tashi.

Ni a baya na zauna da takarda da biro, idona a kansu. Duk wanda ya zaro waya ko ya yi raɗa, sai in rubuta mintin. A minti na 17 wata ta taɓa ta kusa da ita ta ce, "Wai wannan wace ce?"

Da aka gama ba mu tambaye su ko ya yi kyau ba. Kowa muka ce ya rubuta labarin yadda ya fahimta, kafin mai kaifin baki ya ja ra'ayin saura. Huɗu suka rubuta cewa kishiya ce ta kawo makullin, alhali yayar mijin ce. Darakta ya dafe kai ya ce sai an sake ɗaukar wannan fitowar, ga shi kuɗi sun ƙare.

Walter Murch, ɗaya daga cikin waɗanda suka tace fim ɗin Apocalypse Now, ya kwatanta irin wannan da mai kukan ciwon gwiwar hannu, alhali jijiya ce ta matse a kafaɗa. Ɗan kallo ya san inda ya rikice, amma da wuya ya san inda aka rikita shi. Sai muka koma baya neman fitowar matar ta farko. A minti na 4 take, daƙiƙa shida kacal, an ɗauko ta daga nesa, kuma lokacin da mijin ya ce "Yaya, sannu da zuwa" kyamara na kan tiren abinci. Zuwa minti na 17 ta sauya hijabi. Ina za su gane ta?

Muka duba ragowar hotunan da ba a yi amfani da su ba, muka samo fuskarta daga kusa, muka sa daƙiƙa biyu, muka ɗora kalmar "Yaya" daidai kanta. Minti na 17 ko taɓa shi ba mu yi ba.

Wani ya ba da shawarar a sa waƙa a minti na 11, inda uku suka zaro waya. Ƙorafin muka ɗauka, muka bar masa shawararsa, muka yanke daƙiƙa 40 na gaishe-gaishe. Abin da mutum ɗaya tak ya kuka da shi kuwa, ajiye shi muka yi tukuna.

Bayan mako guda muka tara wasu biyar daban, tunda na farko sun riga sun san amsa. Babu wanda ya tambayi wace ce matar. Biyu dai sun so sanin inda ta samo makullin.