Yadda Na Koyi Karanta Jadawalin Jirgin Ƙasa

Mu mutanen Ɗan Isa ba baƙin jirgin ƙasa ba ne, domin tun cikin 1929 hanyar dogo ta iso Ƙaura Namoda daga Zariya, ta Gusau, kuma a nan ta ƙare. Kakana yakan ba mu labarin yadda suke sammako su tari jirgi a Ƙaura. Amma jirgin fasinja ya daɗe da daina zuwa a kai a kai, saboda haka mu 'yan baya mota muka sani. Ita kuwa mota ba ta da lokaci, sai ta cika take tashi. Wanda ya saba da wannan, ran da ya gamu da abin hawa mai tashi da agogo, sai ya yi hankali.

Cikin watan Fabrairu na 2023 kawuna ya ce in raka shi Abuja, yana da takardun da zai miƙa a wani ofis ran Alhamis. Shirinsa shi ne mu bi mota ran Laraba zuwa Kaduna, mu hau jirgi a tashar Rigasa, mu kwana Abuja. Wani ɗan'uwanmu ya aiko masa da jadawalin da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta fitar a ƙarshen Janairu. Kawu ya duba ya ce, "Ai da sauƙi, akwai jirgi har ƙarfe huɗu na yamma." Ya miƙo mini wayar ya ce in kwafe a littafina. Ga abin da na kwafe: KA2 yana tashi 07:00, AK1 yana tashi 10:00, KA4 yana tashi 13:00, AK3 kuma 16:00.

Da farko dai a san ƙidayar. Masu jadawali ba su cewa safe ko yamma, suna ƙirga awa 24 ne a jere. In lambar ta wuce 12, sai ka cire 12 daga cikinta. Watau 13:00 ƙarfe ɗaya na rana ke nan, 16:00 kuwa ƙarfe huɗu na yamma. A nan Kawu bai yi kuskure ba.

Inda ya yi tuntuɓe shi ne haruffan da ke gaban lambobin. KA na nufin daga Kaduna zuwa Abuja, AK kuwa daga Abuja zuwa Kaduna. Ashe jirage huɗun nan ba duka namu ba ne. Na ƙarfe huɗu daga tashar Idu ta Abuja yake tashi, ya nufo Rigasa, watau zuwa zai yi, ba tafiya ba. Namu biyu ne tak, na bakwai na safe da na ɗaya na rana. Da na ja layi na soke AK1 da AK3, sai muka ga jirginmu na ƙarshe ya matso da awa uku cur.

Ina cikin murnar na gano wannan, sai idona ya kai kan wani ɗan layi a can ƙasa, wanda ban ma kwafe ba don na zaci gaisuwar rufewa ce. Cewa ya yi ran Laraba KA2 da AK3 ne kaɗai za su tashi. Laraba ita ce ranar da aka rage zirga-zirga don a duba jirage a yi gyara. To, ga shi mu ran Laraba muka shirya tafiya. A wannan rana jirgin farko daga Rigasa shi ne kuma na ƙarshe, ƙarfe bakwai na safe, lokacin da mu ko Gusau ba mu kai ba. Na karanta wa Kawu sau biyu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yaro, sake karantawa." Na sake.

Tun daga ran nan, in an ba ni jadawali daga ƙasa nake fara karatu. Manyan lambobin sama suna faɗin abin da aka saba yi ne, ɗan rubutun ƙasa kuwa shi ke faɗin ranar da ba a yi. In ka ga tauraro ko ƙaramin harafi kusa da wani lokaci, kada ka yarda da lokacin sai ka nemo fassarar alamar. A jadawalin jiragen Ingila, alal misali, sun daɗe suna sa SO don nuna jirgin da ke tafiya ran Asabar kaɗai, da SX don wanda ba ya tafiya ran Asabar. Harafi ɗaya ya raba su, ma'anarsu kuwa kishiyar juna. Yawancin jadawalai a ƙarshen mako suke canzawa, a ware wa Asabar da Lahadi nasu layi, sau da yawa da ƙarancin tafiye-tafiye. Amma namu ya nuna ranar da ta fita dabam tana iya faɗowa tsakiyar mako. Don haka sunan ranarka za ka nema, ba ka ɗauka ba.

Akwai kuma wani tarko da ya shafe mu Hausawa musamman. Mu in mun ce daren Asabar, muna nufin daren da in gari ya waye Asabar ce. Jadawali kuwa ƙarfe 12 na dare yake canza rana. In an rubuta Asabar 00:30, to, ran Juma'a bayan Lisha za ka kama hanyar tasha. In an rubuta Asabar 22:00, wannan a bakinmu daren Lahadi ne. Mai sayen tikitin motar dare ko jirgin sama ya riƙe kwanan wata, ya bar sunan dare.

Da muka san gaskiyar lokutan, sai muka yi lissafi da baya da baya. A ce ma ranar da na ɗaya na rana yake tashi ce. Muna so mu kasance a tasha 12:00, domin akwai layi, da bincike, da duba tikiti da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda aka wajabta tun da jirgin ya dawo aiki cikin Disamba 2022. Daga tashar mota ta Kawo zuwa Rigasa muka ware awa ɗaya saboda cunkoso, ke nan mu sauka Kaduna 11:00. Daga garinmu zuwa Kaduna, ta Ƙaura, Gusau, Funtuwa da Zariya, ya fi kilomita 300. Muka ba shi awa bakwai, har da jiran mota ta cika a Ƙaura da Gusau. Sai lissafi ya kai mu ƙarfe huɗu na asuba, kuma kowa ya san ba mai hawa hanyarmu da duhu. Ashe ko ba Laraba ba, shirin kwana ɗaya ba zai yiwu ba.

Saboda haka muka tashi ran Laraba da hantsi, muka kwana Kaduna wajen ɗan'uwan nan namu, wanda ya riga ya saya mana tikiti. Ran Alhamis muka hau na bakwai na safe. Da gangan muka zaɓe shi, don in wani abu ya tsare mu, akwai na ɗaya a baya da za mu nema. Wanda ya nufi na ƙarshe ba shi da wannan madogara. Tafiyar awa biyu da 'yan kai ce, kafin ƙarfe goma muna Idu, Kawu ya miƙa takardunsa kafin azahar.

A dawowa ne na ƙarfe huɗun nan ya zama namu, shi ne na ƙarshe daga Idu. Ya kawo mu Rigasa wajen magariba, dole muka sake kwana Kaduna. An sauya wannan jadawali tun daga lokacin, don haka duk wanda zai tafi ya nemi sabo, ya duba kwanan watan da aka fitar da shi. Nawa na littafi yana nan, da layin Laraba da na ƙara a ƙasa da jan biro.