Yada zango ɗaya bayan ɗaya: lissafin Floyd da Warshall

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar taswirar hanyoyin mota ya ga wani jadawali a shafin baya. An jera sunayen garuruwa a sama, an sake jera su a gefe, kuma inda layin wannan gari ya haɗu da na wancan an rubuta nisan da ke tsakaninsu. Karanta shi ba wuya, cika shi ne aiki. Ba kowane gari ke da titin da ya miƙe kai tsaye zuwa kowane gari ba, kuma sau da yawa titin da ya miƙe ɗin ya fi ɓata lokaci a kan wanda ya ratsa ta garuruwa biyu ko uku.

A shekarar 1962 wani Ba'amurke mai suna Robert Floyd ya buga wata 'yar gajeriyar dabara ta cika irin wannan jadawali a mujallar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM. A shekarar ce kuma Stephen Warshall ya fitar da mai kama da ita, sai dai tasa tambayar ita ce ko ana iya zuwa wancan wuri daga nan ko ba a iyawa. Shi ya sa ake haɗa sunayensu a ce Floyd-Warshall, ko da yake wani Bafaranshe, Bernard Roy, ya riga su duka tun 1959, amma da wuya ka ji an ambace shi. Zubin da ake koyarwa a yau, mai zagaye uku ɗaya cikin ɗaya, Peter Ingerman ne ya bayyana shi, shi ma a 1962. Ga shi nan baki ɗaya:

```
for k in range(n):
    for i in range(n):
        for j in range(n):
            if d[i][k] + d[k][j] < d[i][j]:
                d[i][j] = d[i][k] + d[k][j]
```

A nan `n` shi ne yawan wuraren, `d[i][j]` kuwa shi ne nisa mafi ƙanƙanta da muka sani zuwa yanzu daga `i` zuwa `j`. Layuka biyu na ƙarshe tambaya ɗaya suke yi: idan na tashi daga `i` na yada zango a `k` sannan na ƙarasa `j`, na rage hanya? Idan an rage, a goge tsohuwar lamba a rubuta sabuwa. Wannan kowane direban tasha ya san shi. Abin da ke da ban mamaki shi ne tambayar zango ɗaya tak take dubawa, amma a ƙarshe tana gano hanyar da ta ratsa ta wurare goma. Sirrin yana layin farko, inda aka ɗora `k` a saman sauran.

Mu ƙirƙiro wani ɗan gari mai wurare huɗu: Asibiti, Banki, Cibiya da Dandali, mu riƙa kiransu da haruffansu na farko. Titunan duk masu hannu ɗaya ne, lambobin kuma mintuna ne na tafiyar babur. Alamar ∞ na nufin babu titi kai tsaye. Ana karantawa daga gefe zuwa sama.

```
     A    B    C    D
A    0   20    3    ∞
B    6    0    ∞    ∞
C    ∞   15    0    4
D    ∞    5    ∞    0
```

A zagayen farko wuri ɗaya kaɗai aka yarda a ratsa, wato Asibiti. Mutumin Banki ne kawai ya amfana: minti 6 zuwa Asibiti, 3 zuwa Cibiya, ya samu 9 a gurbin da a da babu hanya. A zagaye na biyu aka buɗe Banki. Daga Cibiya zuwa Asibiti ya zama 15 da 6, wato 21. Daga Dandali zuwa Asibiti ya zama 11. Daga Dandali zuwa Cibiya kuwa ya zama 5 da 9, wato 14, kuma nan ne ya kamata a ɗan tsaya. Wannan 9 ɗin ba titi ba ne, amsar zagayen farko ce, da Asibiti a cikinta. Ke nan tambayar da ta duba zango ɗaya ta samo hanya mai zango biyu, domin ta hau kan abin da aka riga aka ajiye. Wannan salo na warware ƙaramar tambaya, a adana amsarta a jadawali, a gina babba a kanta, shi ne wanda Richard Bellman ya raɗa wa suna dainamik furogiramin a shekarun 1950.

Yanzu mu sa ido a kan gurbi ɗaya, daga Asibiti zuwa Banki, wanda ya fara da 20. Da aka buɗe Cibiya a zagaye na uku sai ya sauko 18, wato 3 da 15. A zagayen ne kuma aka samu hanyar Asibiti zuwa Dandali, minti 7, da ta Banki zuwa Dandali, minti 13. Da aka buɗe Dandali a zagaye na huɗu sai 7 ɗin nan ta yi aikinta: 7 da 5 sun ba da 12. Cibiya zuwa Banki ya faɗo daga 15 zuwa 9, Cibiya zuwa Asibiti daga 21 zuwa 15. An gama.

```
     A    B    C    D
A    0   12    3    7
B    6    0    9   13
C   15    9    0    4
D   11    5   14    0
```

Me ya tabbatar da cewa kullum haka za ta yi daidai? Alkawari ne da kowane zagaye ke cikawa kafin ya miƙa wa na gaba: bayan an gama da zango na `k`, kowane gurbi yana ɗauke da hanya mafi kusa cikin hanyoyin da ba sa ratsa ko'ina sai wuraren da aka riga aka buɗe. Idan aka buɗe sabon wuri, hanya mafi kusa ko dai ba ta buƙatarsa, sai a bar tsohuwar lamba, ko kuma tana ratsa shi sau ɗaya. In tana ratsa shi, to ya raba ta gida biyu, kuma kowane ɓangare ta tsofaffin wurare kaɗai yake bi, amsarsa na nan a jadawali. Akwai wani ƙarin sauƙi: yayin zagayen `k`, layin `k` na kwance da na tsaye ba sa canzawa, tunda nisan wuri zuwa kansa sifiri ne. Shi ya sa ake gogewa da rubutawa a kan jadawali ɗaya ba tare da an gurɓata lissafin ba.

To, idan aka mayar da `k` can ciki fa? Wannan kuskure ne da ɗalibai ke yawan yi, kuma na fahimci dalilinsu, don hannu ya saba rubuta `i`, `j`, `k` a jere, hankali kuma ya fi kwanciya da a ɗauki wurare biyu a gwada musu kowane zango. Mu gwada a garinmu. Gurbin farko da zai canza shi ne Asibiti zuwa Banki. Ta Cibiya, 18. Ta Dandali kuwa, har yanzu ∞ ne tsakanin Asibiti da Dandali domin ba a kai ga wannan gurbi ba tukuna. Sai a rubuta 18 a wuce, kuma ba za a sake waiwayarsa ba. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba. Lambar 18 ma ba ƙarya ba ce tsagwaronta, akwai hanya mai minti 18, kuma ta fi 20. Wannan ne ya sa kuskuren ke daɗewa a ɓoye. Hanyar kama shi ita ce a sake bi ta kan jadawalin da aka ce an gama, a yi tambayar nan ga kowane gurbi. In har akwai wanda ya ragu, kamar yadda 7 da 5 za su kayar da 18, to lissafin bai nuna ba. Abin dariya, a 2019 wasu masu bincike a Japan sun tabbatar da cewa idan aka maimaita wannan gurɓataccen tsari sau uku a jere, amsar daidai yake bayarwa. Ni dai gyara layi ɗaya ya fi mini sauƙi.

Ita ma alamar ∞ tana da nata tarkon. A harshen Java, alal misali, mutane kan wakilce ta da lamba mafi girma da gurbin `int` ke iya ɗauka, 2147483647. Ƙara mata 5, sai ta kife ta koma ƙasa da sifiri, dabarar kuma ta ɗauka ta tsinci gajeriyar hanya a inda ko titi babu. Ko dai a tsallake haɗawar idan ɗaya daga cikin biyun ∞ ne, ko a zaɓi lambar da ninkinta biyu bai fasa gurbin ba.

Batun tsada kuwa a fili yake. Zagaye uku na nufin `n` sau `n` sau `n`. Da za a yi jadawalin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, gurabe 599,076 ne, tambayoyi kuma kusan miliyan 464, abin da ƙaramar kwamfuta ke gamawa cikin ɗan lokaci idan an rubuta shi da harshe mai sauri irin C. Amma wurare 10,000 tambayoyi tiriliyan ɗaya ne, da gurabe miliyan 100. Kuma dabarar ba ta yin rangwame don tituna sun yi kaɗan. Idan taswirar babba ce kuma kowace mahaɗa titi uku ko huɗu kaɗai ke fita daga cikinta, ya fi araha a yi amfani da dabarar Edsger Dijkstra ta 1959, a tayar da ita daga kowane wuri bi da bi.

Inda Floyd-Warshall ta fi ta Dijkstra shi ne ba ta tsoron lamba ta ƙasa da sifiri. Idan lambobin kuɗin da ake kashewa ne, wata tafiyar na iya zama riba, misali an samu kayan dako da suka biya mai har da rara. Abin da ba ta jurewa shi ne kewayen da jimillarsa ta gaza sifiri. A ce Banki zuwa Asibiti −13 ne maimakon 6. Zuwa 12, dawowa −13, duk kewaye ɗaya an rage 1, saboda haka babu wata hanya mafi araha, sai dai a yi ta kewayawa. Jadawalin da kansa yake tona wannan. A duba gurabe huɗun nan da suka fara da sifiri, na wuri zuwa kansa. A wannan misali, bayan zagaye na huɗu, gurbin Asibiti zuwa Asibiti zai nuna −1, kuma duk wata lamba da hanyarta ke iya shiga wannan kewaye ba abin dogaro ba ce.